Gwajin Maniyyi: Yadda Ake Karanta Yawa, Motsi da Siffa

Idan aure ya shekara babu ciki, a yawancin gidajenmu matar ce ke fara zaryar asibiti. A ɗebi jininta, a yi mata hoton ciki, a tura ruwa cikin mahaifarta don a duba ko bututun a buɗe suke, gwaji mai zafi kuma mai tsada. Maigida yana gefe, sai an yi shekara biyu ko uku wani likita ya ce ba zai ƙara taɓa matar ba sai an kawo shi. Alhali binciken likitoci ya daɗe da nuna cewa a kusan rabin ma'auratan da haihuwa ta yi wa jinkiri akwai hannun ɓangaren namiji, ko shi kaɗai ko tare da na matar. Gwajin da ake nema daga gare shi kuwa babu allura babu wuƙa, kuma yana cikin mafi sauƙin kuɗi a duk binciken.

Wahalar tana farawa ne bayan an karɓo sakamakon. Takarda ce guda mai layuka goma sha wani abu, kowane layi da lambarsa, wasu an ja musu layi da jan biro. Mutum ya ga an rubuta cewa kashi 3 cikin ɗari na ƙwayoyinsa ne kawai ke da siffa mai kyau, sai jikinsa ya mutu, ya ɗauka an rufe masa ƙofar haihuwa. Wani kuma ya ga duk lambobinsa sun haura iyaka da ƙyar, sai ya naɗe takardar ya ce shi dai ya fita. Dukansu biyu sun yi wa takardar karatun sakamakon jarrabawa, na ci ko faɗuwa, kuma ba haka aka gina ta ba.

Daga ina lambobin suka fito?

Hukumar Lafiya ta Duniya ce ke fitar da littafin da ɗakunan gwaji suke bi. Bugu na farko ya fito a 1980, na biyar a 2010, na shida a 2021. A bugun 2021 iyakokin su ne: ruwan maniyyi mililita 1.4, ƙwayoyi miliyan 16 a kowace mililita, miliyan 39 a dukan abin da aka fitar, masu motsi kowane iri kashi 42 cikin ɗari, masu tafiya gaba kashi 30, masu siffa daidai kashi 4. Bugun 2010, wanda har yanzu shi ne a kan takardun asibitoci da yawa, bai yi nisa da wannan ba: mililita 1.5, miliyan 15, motsi kashi 40, tafiya gaba kashi 32, siffa kashi 4. Wanda ya ga miliyan 20 da motsi kashi 50 a matsayin iyaka a takardarsa, ya sani cewa ɗakin gwajin yana amfani da ma'aunin 1999 ne.

Yadda aka samo lambobin ya fi su kansu muhimmanci. An tattara sakamakon maza kimanin 3,500 daga ƙasashe 12, waɗanda matansu suka sami ciki cikin shekara guda da fara nema. Aka jera su daga mai ƙaranci zuwa mai yawa. A cikin kowane ɗari, lambar mutum na biyar daga ƙasa ita aka ɗauka ta zama iyaka. Ma'ana, a cikin iyaye maza ɗari da suka haihu ba tare da wani magani ba, kusan biyar suna ƙasa da miliyan 16 ɗin nan, ga kuma 'ya'yansu a hannu. Sannan mutumin da ke tsakiyar jerin yana da kimanin miliyan 66 a mililita, wato ninki huɗu na iyakar. Don haka mai miliyan 17 bai kamata ya yi zaton ya yi zarra ba, yana can ƙarshen sahu. Mai miliyan 13 kuma bai fita daga sahun ba. Wani bincike da aka yi a Danmak, aka buga a 1998, ya bi ma'aurata 430 masu neman cikin fari, ya ga cewa damar samun ciki tana ƙaruwa ne da yawan ƙwayoyi har zuwa wajen miliyan 40 a mililita, daga nan ƙarin ba ya ƙara wani abu a zo a gani. Abin hawa-hawa ne, babu wata katanga a miliyan 15 ko 16 da ciki ke tsayawa a bayanta.

Kafin a kai ga madubin likita

Sakamako da yawa suna lalacewa ne tun kafin samfurin ya isa hannun ma'aikaci. Ana so mutum ya ƙaurace wa saduwa ko fitar maniyyi na kwana 2 zuwa 7. Idan aka gaza kwana biyu, ruwa da yawan ƙwayoyi sukan ragu. Idan aka wuce mako, yawan zai hau amma tsofaffi da matattu za su yi yawa, motsi ya faɗi. Wasu magidanta kan yi haƙurin wata guda wai don su tara mai kyau, sai su kawo samfurin da ya fi na kullum muni.

Hanyar fitarwa ita ce ke hana mutane da yawa zuwa, saboda kunya da kuma tsoron saɓa wa addini, kuma damuwa ce ta gaskiya da ya kamata ma'aikatan lafiya su girmama. Abin da ake buƙata shi ne dukan maniyyin ya shiga kwalbar da asibiti ya bayar, mai faɗin baki, tun daga ɗigon farko. Tunkuɗar farko ita ce ta ƙunshi mafi yawan ƙwayoyin, abin da ke biyo baya galibi ruwa ne. Shi ya sa azalu, wato a sadu sannan a zare a zuba cikin kwalba, ba abin dogaro ba ne: sau da yawa kason farkon ya riga ya tafi, sai sakamako ya nuna ƙarancin da babu shi. Mai aure zai iya neman taimakon hannun iyalinsa, kuma wasu asibitoci suna da wani kororon roba na musamman marar guba da ake saduwa da shi. Kororon da ake saya a kemis ba ya yi, domin yana kashe ƙwayoyin. Haka ma sabulu da man shafawa da yawu. Idan wani abu ya zube, a faɗa wa ma'aikacin ya rubuta, kada kunya ta hana. Mai azumi kuma ya tsara ranar gwajinsa ta yadda ba za ta faɗo masa da rana tsaka cikin Ramadan ba.

Wanda ya fitar a gida, dole samfurin ya isa ɗakin gwaji cikin awa guda, kuma ya zauna tsakanin digiri 20 da 37 na ma'aunin zafi. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, kwalbar da aka ajiye a gaban mota ko cikin akwatin babur za ta wuce wannan zafin cikin ɗan lokaci. Wanda ya sa ta cikin kula da ƙanƙara shi ma ya ɓata ta. Aljihun ciki, kusa da jiki, ya wadatar. A rubuta lokacin da aka fitar a jikin kwalbar.

Maniyyi yakan fito da kauri, sannan ya narke ya zama ruwa cikin minti 15 zuwa 30, wani lokaci har awa guda. Wannan narkewar lafiya ce. Ina faɗin haka ne saboda yawan masu tallar magani da ke tsorata mutane da zancen tsinkewar maniyyi, ko cewa fitowar ruwa daga gaban mace bayan saduwa alamar rashin haihuwa ce. Ƙwayoyin haihuwa ɗan ƙaramin kaso ne na abin da ake gani, sauran ruwa ne daga wasu jakunkuna biyu da ke bayan mafitsara da kuma furostet. Ido ba ya iya tantance mai ƙwaya da marar ƙwaya. Akwai mai kauri fari tas wanda babu ƙwaya ko ɗaya a ciki.

Yawa

Lamba biyu ce a nan, kuma mutane sun fi kallon wadda ba ta kai ɗayar muhimmanci ba. Ta farko ita ce yawan ƙwayoyi a mililita ɗaya. Ana samun ta ne ta hanyar tsarma samfurin da wani ruwa da ke tsayar da ƙwayoyin, a zuba kan wani gilashi mai zanen murabba'ai, a ƙirga aƙalla 200, a sake ƙirgawa a karo na biyu, a ga ko lissafin biyu sun yi kusa. Ta biyu ita ce jimilla, wato lambar farko sau yawan ruwan. Jimillar ce ke nuna aikin da 'ya'yan maraina suke yi, domin lambar farko tana sauka ko hawa gwargwadon ruwan da ya tsarma ƙwayoyin. Mai miliyan 12 a mililita da ruwa mililita 4 yana da miliyan 48, ya haura iyakar 39. Mai miliyan 20 da ruwa mililita 1.5 yana da miliyan 30, bai kai ba, ko da yake babu jan biro a layinsa.

Ƙarancin ruwan shi ma yana magana. Idan bai kai mililita ɗaya ba, tambayar farko ita ce ko an zubar da wani abu. Idan ba a zubar ba, likita zai yi tunanin ko maniyyin yana komawa baya ne cikin mafitsara, abin da kan sami masu ciwon suga na tsawon lokaci da waɗanda aka yi wa aikin furostet. Ana gane wannan da duba fitsarin da aka yi bayan fitarwa.

Sakamako mafi nauyi shi ne a ce ba a ga ƙwaya ko ɗaya ba. Yana samun kimanin mutum ɗaya cikin maza ɗari. Ba a yanke wannan hukuncin da leƙen ɗigo guda. Sai an juya samfurin a na'ura mai gudu na minti 15, an duba abin da ya kwanta a ƙasa, sannan an maimaita da wani samfurin dabam. Idan ya tabbata, hanya biyu ce: ko ana ƙera ƙwayoyin amma hanyar fita ta toshe, ko kuwa ƙirar ce ta tsaya. Toshewa kan biyo bayan ciwon sanyi da ba a yi maganinsa da kyau ba, ko tarin fuka da ya sauka ƙasa, ko rauni wajen aikin gwaiwa. Tsayawar ƙira kan zo daga hangum da ya kama mutum bayan balaga ya kumbura maraina, ko ɗan maraina da bai sauko ba tun yarinta, ko matsalar da aka haifi mutum da ita. Likita yana rarrabe su da taɓa girman 'ya'yan maraina da auna wani sinadarin jini da ake kira FSH. Idan sun ƙanƙance kuma sinadarin ya hau, ƙirar ce ta raunana. Idan girmansu daidai ne kuma sinadarin bai hau ba, an fi zaton toshewa, kuma wannan yana da kyakkyawan fata, domin ana iya gyara hanyar ko a ɗebo ƙwayoyin kai tsaye.

Akwai wani sanadi da nake so kowane magidanci ya sani, saboda da hannu ake jawo shi. Allurar testosteron, wadda wasu ke yi don ƙarin kuzari ko gina jiki, tana sa ƙwaƙwalwa ta daina aika wa maraina umarnin ƙera ƙwayoyi. Mutum zai ji ƙarfi ya ƙaru, alhali ƙwayoyinsa na iya sauka har sifili cikin 'yan watanni. Yawanci suna dawowa bayan an daina, amma yakan ɗauki watanni da dama, wani lokaci fiye da shekara. Duk wanda ya taɓa yin ta, ko yake shan wani haɗin ƙarfin maza da bai san abin da ke ciki ba, ya faɗa wa likitansa tun a zaman farko.

Motsi

Ƙwayar maniyyi sai ta ratsa majinar bakin mahaifa, ta haura mahaifar, ta shiga bututu kafin ta riski ƙwan mace. Don haka ba kowane motsi ake lissafawa ba. Ma'aikaci yana raba su gida-gida: masu tafiya gaba da sauri, masu tafiya gaba a hankali, masu kaɗa wutsiya a wuri ɗaya ko zagaye a ɗan ƙaramin da'ira, da waɗanda ba sa motsi sam. Gida biyun farko su ne masu tafiya gaba, kuma su ne ya kamata ido ya fara sauka a kansu. Takardar da ta ce motsi kashi 60 ba ta raba ba, ta ɓoye rabin labarin.

A duk lambobin, motsi ne ya fi saurin lalacewa da jinkiri ko zafi ko sanyi. Idan mutum ya ga yawa lafiya, siffa lafiya, motsi kaɗai ya faɗi ƙasa warwas, ya fara tambayar kansa awa nawa kwalbar ta yi a hanya, kuma awa nawa ta yi a kan tebur kafin a duba ta. Ɗakin gwaji na ƙwarai yana rubuta lokacin fitarwa da lokacin dubawa a kan takardar.

Idan motsi ya yi ƙasa sosai, akwai ƙarin gwaji da ke nuna ko ƙwayoyin matattu ne ko kuwa rayayyu ne da suka kasa tafiya. Ana ɗiga musu wani rini, matattu su sha launin ja-ja, rayayyu su ƙi sha. Iyakar rayayyu a bugun 2021 kashi 54 ce. Bambancin yana da amfani: rayayyar ƙwaya da wutsiyarta ba ta aiki tana iya ba da ciki idan aka saka ta cikin ƙwan mace a ɗakin gwaji, matacciya kuwa ba ta da wannan damar.

Siffa

Nan ne mutane suka fi firgita, kuma nan ne firgicin ya fi rashin dalili. Ana shafa maniyyin a kan gilashi, a busar, a rina, a duba ƙwaya 200 ɗaya bayan ɗaya da madubi mai ƙara girma sau dubu. Kan ƙwaya lafiyayya santsi ne mai siffar ƙwai, tsawonsa bai wuce kashi huɗu zuwa biyar cikin dubu na milimita ba. Gaban kan yana da wata hula da ta rufe kashi 40 zuwa 70 cikin ɗari nasa, cikinta akwai sinadaran huda ɓawon ƙwan mace. Sai wuya siriri, sai wutsiya guda da ta ninka kan kusan sau goma. Ƙa'idar da ake bi yanzu ta samo asali ne daga aikin Farfesa Thinus Kruger da abokan aikinsa a asibitin Tygerberg na Afirka ta Kudu, a shekarun 1980, kuma tsaurinta shi ne duk ƙwayar da aka yi shakka a kanta, ana jefa ta cikin marasa kyau.

Da irin wannan tsauri, mutumin da ke tsakiyar jerin iyayen nan yana da kashi 14 ne kacal masu siffa daidai. Wato uba lafiyayye, kashi 86 na ƙwayoyinsa ba su cika sharaɗi ba. Haka halittar ɗan Adam take. To tsakanin kashi 3 da kashi 4 fa? A ƙwaya 200, bambancin ƙwaya shida da takwas ne. Ma'aikata biyu ƙwararru za su iya duba gilashi guda su saɓa da fiye da haka. A ganina, siffa ita kaɗai, idan yawa da motsi suna lafiya, ba ta isa ta sa a ɗaga hankalin gida ba, balle a tura mutane sayar da fili don dashen ƙwai.

Akwai kuma akasin haka. Har yanzu ana ganin takardun da ke cewa kashi 70 ko 80 suna da siffa daidai. Wannan lambar ba ta fitowa daga ƙa'idar da ke da iyakar kashi 4. Alama ce ta cewa an leƙa ɗanyen ɗigo ne ba tare da rini ba, ko an bi tsohon ma'auni mai sassauci, don haka kada a gwada ta da sakamakon wani ɗakin gwajin.

Inda siffa ke da nauyi na gaske shi ne idan kusan dukan ƙwayoyin suna da aibi iri ɗaya, misali duk kawunansu zagayayyu ne babu hular nan, ko duk manya ne masu wutsiya fiye da ɗaya. Wannan yakan nuna matsalar gado, kuma ba kasafai ake samunsa ba. A sauran mutane, waɗanda aibin ƙwayoyinsu gauraye yake, ƙwaya mai karkataccen kai ba ta nufin za a haifi yaro mai naƙasa. Mata da yawa suna riƙe wannan tsoron a zuci ba su tambaya.

Mu haɗa su wuri guda

Likitocin haihuwa suna da wani lissafi mai sauƙi da ke tattara lambobin: yawan ruwa sau ƙwayoyi a mililita sau kason masu tafiya gaba. Abin da ya fito shi ne adadin ƙwayoyin da za su iya kama hanya.

Mu ƙaddara wani magidanci ɗan shekara 36, matarsa 29, shekararsu uku da aure. Al'adarta tana zuwa kan lokaci, hoton bututun mahaifarta ya nuna a buɗe suke. Takardarsa ta farko ta ce ruwa mililita 2, ƙwayoyi miliyan 12 a mililita, masu tafiya gaba kashi 35, siffa kashi 3. Jimilla miliyan 24 ke nan. Kashi 35 na 24 kuwa miliyan 8.4 ne. Yawa ya gaza, siffa ta gaza, motsi ya tsallake da kaɗan.

Likita mai lura ba zai rubuta magani a ranar ba. Zai tambaya ko ya yi zazzaɓi kwanan baya, sai mutumin ya tuna cewa mako shida da suka wuce zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi kwana huɗu. Ƙera ƙwayar maniyyi tana ɗaukar kimanin kwana 74, sannan ta yi kusan mako biyu tana nuna a cikin wani naɗaɗɗen bututu da ke bayan ɗan maraina. Saboda haka samfurin yau labarin wata biyu zuwa uku da suka wuce yake bayarwa, kuma zazzaɓi mai zafi yana iya rage yawa da motsi na tsawon wannan lokacin. A ƙasashen da zazzaɓi yake kamar baƙon kowace damina, wannan tambayar ba ta tsallakuwa. Daga nan likita zai duba shi a tsaye, ya sa shi ya yi yunƙuri, don neman kumburin jijiyoyin maraina, wanda aka fi samu a hagu. Kusan maza 15 cikin ɗari suna da shi, yawancinsu suna haihuwa lafiya, amma a cikin masu jinkirin haihuwa yakan kai ɗaya cikin uku ko fiye. A ce ba a sami komai ba.

Bayan wata uku ya maimaita, a ɗakin gwaji guda, bayan ƙauracewar kwana uku. Ruwa mililita 3, ƙwayoyi miliyan 14, masu tafiya gaba kashi 40, siffa kashi 4. Layin yawa har yanzu yana da jan biro, tunda 14 ba ta kai 16 ba. Amma jimilla ta zama miliyan 42, masu kama hanya kuma miliyan 16.8, ninki biyu na farko, ba tare da ya sha komai ba. Da ya sayi wani magani a tsakani, da maganin ne zai kwashe yabon, kuma haka kasuwar magunguna da yawa take ci.

Me miliyan 16.8 ke nufi? Likitoci da yawa suna ɗaukar sama da miliyan 20 a matsayin wadatacce. Tsakanin 5 da 20, ciki na iya zuwa da kansa amma yakan ɗau lokaci, kuma akwai damar a wanke maniyyin a tace masu ƙarfi a zuba su cikin mahaifa a ranar da ƙwai ke fita. Ƙasa da miliyan 5 aka fi karkata ga dashen ƙwai, musamman hanyar da ake ɗaukar ƙwaya ɗaya a saka ta cikin ƙwan mace da siririyar allura, wadda aka fara samun haihuwa da ita a Beljiyam a 1992. Waɗannan iyakoki ne na jagora, asibitoci suna ɗan bambanta a kansu.

Ga ma'auratan namu, shekarun matar suna ba su sarari, amma shekara uku na jira suna cewa kada a ƙara zura ido har abada. Shawara mai ma'ana ita ce su riƙa saduwa kowane kwana biyu ko uku, ya bar sigari idan yana sha, su ba kansu wasu watanni ƙidayayyu, sannan su wuce ga zubawa cikin mahaifa. Da matar tana da shekara 38, wannan takardar dai ita ce za ta sa a gaggauta. Da bututunta a toshe suke, ko miliyan ɗari gare shi ba za su isa ga ƙwan ba. Takardar miji ba ta karantuwa sai an ajiye ta kusa da ta matarsa.

Abu biyu kan ɓatar da mutane daga nan. Na farko shi ne layin ƙwayoyin mugunya da kuma gwajin shuka da ke fitar da ƙwayar cutar da ake ce wa sitaf. Ƙwayoyin maniyyi da ba su gama ƙira ba zagayayyu ne, suna kama da na mugunya sosai, sai da rini na musamman ake bambance su, kuma iyakar damuwa ita ce miliyan ɗaya a mililita. Sitaf kuma tana zaune a fatar mutane da yawa masu lafiya, tana iya shiga kwalba daga hannu. Akwai gidajen da suka yi shekaru suna shan maganin kashe ƙwayoyin cuta da jiƙe-jiƙen sanyi a kan wannan layin guda, shekarun matar suna tafiya, ainihin matsalar ba a taɓa ta ba. Na biyu shi ne hujjar cewa ai ina da 'ya'ya da uwargida, ko da matar da na rabu da ita. Yaron da aka haifa shekara goma da suka wuce shaida ne kan maniyyin wancan lokacin. Ciwon sanyi, ciwon suga, kumburin jijiyoyi, tiyata ko allura duk suna iya shiga tsakani.

Gwajin yana da iyakarsa. Yana ƙirga ƙwayoyi, yana kallon tafiyarsu da surarsu, amma ba ya ganin ko za su iya huda ƙwai, kuma ba ya auna ƙarfin namiji a shimfiɗa, wannan wani fanni ne dabam. Akwai ma'auratan da duk gwaje-gwajensu suke fita lafiya amma ciki bai zo ba. Abin da gwajin ya ƙware a kai shi ne ya nuna wanda matsalarsa babba ce tun da wuri, kuma ga irin wannan, wato wanda ba a ga komai ba ko ƙwayoyinsa ba su kai miliyan 5 a mililita ba, ba a jiran wata uku: a maimaita nan kusa, a wuce wurin likitan mafitsara da al'aurar maza.

Maigida, idan shekara ta cika babu ciki, ko wata shida idan iyalinka ta kai shekara 35, ka je a yi maka gwajin a makon da aka fara binciken ta. Ka tambayi ɗakin gwajin wane bugu na littafin Hukumar Lafiya ta Duniya suke bi, ka tabbata sun rubuta masu tafiya gaba dabam, ka ajiye kowace takarda da kwanan watanta, kuma ku shiga wurin likita ku biyu da takardunku a hannu.